Uban da ya kai takarda lakwal, bai kai sanda ba

Wani uba a ɗaya daga cikin unguwanninmu ya rubuta wa kwamitin kula da makarantar ɗansa wasiƙa a kan mushen ajin CM1. Ya yarda a yi magana a kanta a nan, da sharaɗin ba sunan yaro, ba na malami, ba na lakwal. Tun da labarin ya fita, mutanen unguwa suka rabu biyu. Wasu suna cewa ya yi rashin kunya, ina aka taɓa kai ƙarar malami don ya daki yaro? Wasu, galibi samari, suna cewa ya yi sanyi da yawa, da su ne da sun tare mushen a bakin ƙofa ya ji a jikinsa. Ni ina ganin duka ɓangarorin biyu ba su karanta takardar ba. Abin da uban nan ya yi shi ne daidai, kuma yadda ya tsara takardar ya cancanci mu tsaya mu duba, domin da yawanku nan da ƴan shekaru ku ne iyaye, wasunku ma yanzu ku ke raka ƙanne lakwal da safe.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya jera shi. Yaron shekararsa 10. Mushen yana da ƙa'ida a ranar dikte: kowane kuskure bulala ɗaya, kuma bulalar guntun tiyo ce. Wata Talata yaron ya yi kuskure 12, ya sha 12 a baya da cinya. Mako biyu bayan haka, don ya yi wa na kusa da shi magana da Hausa a cikin aji, aka sa shi durƙuso a tsakar rana, hannu sama, tun fitowar hutun safe har aka tashi. Na uku shi ne mari a kunnen hagu. Da dare uwarsa ta ga ɗan jini a matashi, da safe kuma sai an yi magana ta wajen dama yake juyowa. Da aka kai shi likita aka ce fatar cikin kunne ce ta fashe.

Bari in ɗan tsaya a kan kunnen, don iyaye da yawa ba su san wannan ba. Mari da buɗaɗɗen tafi, in ya rufe ramin kunne, yana tura iska ciki da ƙarfi, fatar nan siririya ta yage. Alamunta ciwo mai tsanani nan take, ƙara a cikin kunne, jini ko ruwa, da raguwar ji. Sau da yawa tana haɗewa da kanta cikin makonni in ba a bar ruwa ya shiga ba, amma in aka ɗiga mai ko wani magani na gida, ko aka yi ta sakace, sai ta kama ruwa, yaro ya iya zama da raunin ji. Yaron da ba ya ji da kyau kuwa, a aji mai cunkoso da ake koyarwa da harshen da ba nasa ba, kuskurensa na dikte ƙaruwa zai yi. Ku lissafa da ƙa'idar mushen, ku ga inda za a je.

Amma ba dukan ne ya fi cin wuri a takardar ba. Kusan rabinta a kan wulaƙanci take. Ga yadda ya faɗa, na rage tsawon kawai:

“Ɗana ya gaya mini, kuma yara biyu na ajin sun tabbatar a gaban iyayensu, cewa in an raba kaye malam yakan ɗaga na wanda ya fi kowa faɗuwa, ya karanta kurakuransa da ƙarfi, sa'an nan ya sa dukan aji su yi masa ihu. Ya sa wa ɗana suna Jaki, yanzu har a unguwa haka yara ke kiransa. Akwai wata yarinya da ba ta zo da kuɗin da aka ce a kawo ba, ya tsayar da ita ya tambayi aji sana'ar ubanta, aka yi dariya. Wata rana kuma ya ba ɗana bulala ya ce ya daki abokinsa, in bai daka da ƙarfi ba shi za a daka. Rauni na kunne likita ya ce zai warke. Wannan ɗin ban san wa zan kai wa ba, shi ya sa na kawo muku.”

Na san abin da za a ce a zaman kwamiti, don haka ake cewa kullum. Kunnen kam an yi kuskure, Allah ya kiyaye gaba, a ba da haƙuri. Sauran kuwa ai wasa ne, zolaya ce, mu ma an kira mu da abin da ya fi jaki. To a nan nake ganin uban ya fi kwamitin hangen nesa. Shatar bulala kwana biyar ta baje. Sunan da malami ya laƙaba wa yaro a gaban sa'o'insa yana binsa gida, ya bi shi filin ƙwallo, ya bi shi har kwalej. Kuma ana iya ganin aikinsa a kan karatun da ake cewa don shi ake yi. Yaron da aka yi wa ihu don ya ba da amsa ba daidai ba, darasin da ya ɗauka shi ne kar ya sake ɗaga hannu. Sai ya koma bencin baya, ya koyi kwafe daga na kusa, ya koyi motsa baki in ana karatu tare ba tare da ya san me ke kan allo ba. Uban ya rubuta alamun da suka gani a gida: ciwon ciki kowace safiyar ranar dikte wanda ke warkewa da hantsi, kaye da ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, da fitsarin kwance da ya dawo bayan shekaru da dainawa. A gidaje da yawa waɗannan alamu wani dukan suke jawo wa yaro, a ce lalaci ne ko iskanci.

Shi kuwa sa yaro ya daki yaro, ni a wurina ya fi tiyon muni. Malamin ya wanke hannunsa, ya bar yara biyu da gaba a tsakaninsu, ya kuma koya wa aji duka cewa hanyar tsira ita ce ka yi wa ɗan'uwanka da ƙarfi kafin a yi maka. Haka nan tsarin nan na bai wa shugaban aji takarda ya rubuta sunayen masu surutu in malam ya fita: duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya san yadda ake sayen shugaban aji da ƙuli-ƙuli, da yadda sunan wanda ba shi da ko dala ke shiga takarda ko bai buɗe baki ba. Horon magana da Hausa ma gado ne. Tun zamanin Faransa ake rataya wa yaron da ya yi harshen gidansu sambol, ya yi ta fakon wani ya yi kuskure ya miƙa masa.

Yanzu ga masu cewa “mu ma an dake mu, ga mu mun zama mutane.” Gaskiya ne an dake mu. Sai dai masu wannan magana su ne waɗanda suka kai ƙarshe. Ku tuna ajinku na CI, ku nawa ne? Nawa suka kai CM2? Waɗanda suka zube a hanya talauci ya kori wasu, aure ya ɗauke wasu, tafiya cirani ta ja wasu, amma kowannenmu ya san aƙalla yaro ɗaya da ya riƙa fita da jakarsa da safe ya wuce tasha ko kasuwa don tsoron wani mushe, har aka gaji aka ƙyale shi. Shi ba a jin shaidarsa a wannan muhawara, don ba ya zuwa taron iyaye kuma ba ya rubutu a nan.

Ga masu kawo addini kuma. Tambayar iyakar horon yaro ba Turawa suka fara yin ta ba. Muhammad ɗan Sahnun na Kairawan, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 870, ya rubuta littafi musamman a kan ladubban malamai. A ciki ya taƙaita dukan da uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska, ya hana malami duka don huce haushinsa. Ibn Khaldun ma a Muƙaddima ya keɓe babi a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa. Ni ra'ayina bulala ba ta da wuri a aji ko ɗaya. Amma ko da ma'aunin masu kare ta aka auna, bulala 12 a kan rubutun Faransanci, da mari a kunne, da tona talaucin uban yarinya a gaban yara, babu inda suka shiga.

A ɓangaren hukuma ma ba a bar abin a buɗe ba. Tun 1981 akwai takardar umarni ta ma'aikatar ilimi da ta hana dukan ɗalibai a makarantu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara a 1990, wadda sashenta na 28 ya ce horo a makaranta dole ya dace da mutuncin yaro, kuma yarjejeniyar Afirka ta haƙƙi da walwalar yaro ta faɗi makamancin haka a sashe na 11. Ku lura da kalmar mutunci: ba duka kaɗai ta shafa ba, ta haɗa da ihun da sunan jakin. Raunin abin shi ne umarnin ma'aikata ba shi da ƙarfin doka, kuma takardar da ta shekara fiye da arba'in a cikin durowa ba ta hana kowa komai sai in wani ya zaro ta. Uban ya ambace ta a layi ɗaya, bai yi wa kwamiti lacca ba. Ya isa.

To me ya sa takarda, ba baki ba? Domin ya riga ya gwada baki. Bayan bulala 12 ya je ya sami mushen a gefe, da ladabi. Amsar da ya samu: “Alhaji, in ba ka so a taɓa shi, ka ɗauke shi ka koya masa a gida.” Bayan durƙuson ya ga darakta, darakta ya ce zai yi masa magana. Wataƙila ya yi, wataƙila bai yi ba, babu wata shaida. Maganar baki a lakwal iska ce, in sufeto ya zo gobe ya tambaya, kowa zai ce bai taɓa jin komai ba. Takarda kuwa tana da rana, tana da sa hannu. Uban ya yi kwafi biyu, ya ba da ɗaya, ya roƙi darakta ya rubuta ranar da ya karɓa ya sa hannu da hatimi a kan ɗayar, ya koma gida da ita. Wannan ƙaramin abu shi ne bambancin ƙorafi da tsegumi. Kuma ya rubuta ta da Faransanci don sufeto, ya nemi a karanta ta da Hausa a zaman, don ya san rabin ƴan kwamitin ba sa karanta Faransanci, kuma bai so darakta ya zama shi ne mai fassara ƙarar da ta shafi ma'aikacinsa.

Yadda ya rubuta ma akwai dabara. Kowane abu da ranarsa, da abin da aka yi amfani da shi, da adadi. Ya raba abin da ya gani da idonsa, wato shata da jini, da abin da ɗansa ya faɗa masa, da abin da wasu yara suka tabbatar. Ya haɗa takardar shaidar likita, ya ce yana da hotunan bayan yaron da zai nuna wa kwamiti kaɗai. Ko sau ɗaya bai kira malamin mugu ko azzalumi ba. Da ya yi, da zaman ya koma kan zagin, a ce ya ci mutuncin malami, a nemi shi ya ba da haƙuri, a manta da kunnen. Kuma bai sa sunayen sauran yaran ba, sai dai ya ce iyayensu a shirye suke su zo in an kira su.

A nan zan yi magana da ku kai tsaye, matasa masu waya. Wasunku sun nemi a ba su hoton yaron da sunan mushen “a watsa shi ya ji kunya.” Kar ku yi. Hoton da ya shiga WhatsApp ba ya fitowa, yaron da ake kira Jaki a unguwa ɗaya zai zama abin nuni a gari duka. Sa'an nan Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun 2019, kuma ɓata suna yana cikinta. Za ku iya wayar gari malamin ne mai ƙara, uban ne ake tuhuma. Ga kuma abin da ke biyo baya kusan kullum: da zarar an ga an taso wa malami a fili, sauran malamai sukan haɗe kai su kare shi, har waɗanda a ɓoye ba su yarda da aikinsa ba. Haka ma mai zuwa da sanda. Ranar da uba ya daki malami, ranar ce maganar yaro ta mutu, ta zama maganar tsaron malamai da rufe aji.

Abin da ya nema guda huɗu ne, kuma duka kwamiti yana iya yi ko ya sa a yi. A kira zama cikin mako biyu a saurari malamin da iyaye, a rubuta abin da aka yanke. A fitar da tiyo da duk wata bulala daga azuzuwa duka, ba na CM1 kaɗai ba. A mai da ɗansa ɗaya ajin na CM1 kafin a gama bincike. Kuma a tura kwafin takardar ga sufeton makarantun firamare na yankin. Bai nemi a kori malamin ba. Wasu sun ga wannan a matsayin tsoro, ni na ga sanin aiki ne. Kwamitin nan, wanda har yanzu da yawa ke kira COGES ko da yake an mai da sunansa CGDES, ya ƙunshi wakilan iyaye, da na ƙungiyar uwaye, da darakta, da wakilin malamai. Yana kula da kayan aiki, da rumfunan zana, da zuwan yara, yana iya kiran taron unguwa duka. Amma ba shi ya ɗauki malamin gwamnati aiki ba, ba ya kuma iya sallamarsa ko rage masa albashi. Wannan yana hannun sufeto da na sama da shi. Wanda ya nemi kwamiti ya kori malami ya ba su hanyar fita mai sauƙi: “ba huruminmu ba ne,” a shafa fatiha a watse.

Ba zan ɓoye muku raunin hanyar ba. Daraktan da ake kai ƙarar malaminsa yana zaune a cikin kwamitin, sau da yawa ma shi ke riƙe da alƙalamin rubuta bayanin zama. Shugaban kwamiti dattijo ne da ya fi son sulhu da komai, kuma sulhu a irin wannan wuri yakan ƙare da a ce wa uba “ka yi haƙuri, ɗa na kowa ne.” In abin ya kai ga sufeto, maganin da aka fi sani shi ne a canja wa malami wurin aiki, wato a ɗauke tiyon daga unguwar da ke da uba mai iya rubutu a kai shi ƙauyen da babu. Sa'an nan akwai ramuwa a kan yaro, wadda ba a yi da bulala: a daina tambayarsa, a daina duba kayensa, a matse masa maki. Shi ya sa buƙatar canja aji ba son kai ba ce. A makarantu masu zaman kansu kuma hoton daban ne, mai makaranta yana iya sallamar malami a yini ɗaya, amma yana iya sallamar yaron ma in ya ga uban ya cika magana.

Shi ma mushen ina so a saurare shi da gaske, ba don a wanke shi ba. Da yawan malamanmu ƴan kwantaragi ne, an tura su aji da ɗan horo kaɗan ko babu, kuɗinsu ba ya isa kuma yakan makara, ga yara cunkushe har wasu a ƙasa, ga littafi ɗaya a hannun yara da dama. Wanda ba a taɓa nuna masa yadda ake riƙe irin wannan aji ba, abin da aka yi masa yana yaro shi zai yi. Wannan yana bayyana tsawa da saurin fushi. Amma bai bayyana tambayar sana'ar uban yarinya don a yi dariya ba, kuma a lakwal ɗin nan ɗin, da albashi iri ɗaya da cunkoso iri ɗaya, akwai madam a ajin da ke kusa wadda ba a taɓa jin ta da bulala ba. In kwamiti yana son ya taimaki malamin, akwai mai ba malamai shawara kan koyarwa a ƙarƙashin sufeto, aikinsa ke nan ya shigo aji ya zauna ya gani. Dikte ma yana da gyara da ba na fata ba: yaro mai kuskure 12, a duba a ga ko iri ɗaya ne yake maimaitawa, don sau da yawa ƙa'ida biyu ko uku ce bai gane ba, ba abubuwa goma sha biyu ba. A ba shi su ya gyara, a sake gwada shi. Ya fi duka cin lokaci, shi ya sa ba a son sa.

Layin ƙarshe na takardar shi ne wanda ya fi ɓata wa wasu dattawa rai. Ya rubuta cewa in mako biyu suka wuce ba a kira zama ba, zai kai kwafinsa mai hatimi ofishin sufeto da kansa, kuma game da kunnen yana riƙe da haƙƙinsa na kai ƙara wurin ƴan sanda, tun da yi wa mutum rauni da gangan laifi ne a dokar ƙasa ko wane ne ya yi. Suka ce barazana ce. Ni ban ga barazana ba a wurin mutumin da ya bi malami, ya bi darakta, ya bi kwamiti, ga takardar likita a hannunsa tun ranar farko bai kai ta ko'ina ba. Ya gaya musu matakinsa na gaba ne tun kafin ya taka, don kar a ce ya yi musu ba-zata.

Yau kwana tara da karɓar takardar. An mai da yaron ɗaya ajin, kuma uwarsa ta ce ranar dikten da ta wuce bai yi ciwon ciki ba. Zaman kwamiti ba a sa masa rana ba tukuna. Iyaye biyu daga cikin waɗanda suka ce za su ba da shaida, ɗaya ya fara cewa a bar maganar, shekara ta kusa rabi kuma ɗiyarsa tana ajin har yanzu. Ƴan ajin sun ce tiyon ya bar kan tebur, yana cikin kabad.